Nikabin Tamba Mai Feshi

A garin Argungu akwai wani mutum mai suna Tamba. Sana'arsa feshin gona. Yakan goya tankin feshi a baya, ya shiga shinkafar mutane ya kashe musu ƙwari da ciyawa, a biya shi. Yana da ƙarfi, ba ya sata, ba ya barin gidansa da yunwa. Aibinsa guda ne: bai iya jure a ce ya ji tsoro ba. In kana so Tamba ya faɗa rijiya, ce masa kawai namiji ne ke iya faɗawa.

Na san shi tun yana rarrafe, domin katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Yana ƙarami ya taka ƙaya, ya buɗe baki zai yi kuka, ubansa ya daka masa tsawa ya ce namiji ba ya kuka. Yaron ya haɗiye kukan. Daga ranar na yi shekaru ban sake ganin hawayensa ba, kuma shi kansa yana alfahari da hakan a majalisa.

Masu feshi na fadama suna da wata mugunyar al'ada. Da hannu suke dama magani. Ba takalmi suke shiga gona. In bakin famfo ya toshe, sai su sa shi a baki su hura. In an gama, kowa ya sha nono, wai nono yana wanke dafi. A gaban juna babu mai cewa kansa yana ciwo. Amma mu mata mun sani, domin mu ke wanke rigunan nan masu wari, mu ke jin amai a bayan ɗaki.

Matar Tamba, Mansura, mace ce mai hankali. Ta daɗe tana yi masa magana, yana cewa, "Ke dai dafa tuwonki."

Wata shekara da rani tsutsa ta shiga shinkafar Dikko a fadamar Zauro, kusa da Birnin Kebbi. Dikko taubashin Tamba ne, ɗan gwaggonsa, saboda haka akwai wasa tsakaninsu. Mutum ne mai tumbi da babbar murya. Ya kira Tamba da abokin aikinsa Sunusi su yi masa feshi. Gonar tana da faɗi, aikin mutum biyu ne, wannan ya yi tanki ya huta, wancan ya karɓa.

Tamba ya biya unguwar Nasarawa ya sayi magani a shagon Isuwa. Isuwa Kirista ne, iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, amma a Kebbi ya girma. Ya miƙo kwalbar, sannan ya haɗa masa da takunkumi da safar hannu da takalmin roba.

"Tamba, wanga magani ba irin na bara ba ne," in ji Isuwa. "Ta fata yake shiga, ta numfashi yake shiga. Ka sa waɗannan. Ka ba iska baya. In rana ta take, ka tsaya. In wani abu ya faru, a kai mutum asibiti tare da kwalbar."

Tamba ya yi dariya. "Isuwa, magani na zo saye, ba kayan lefe ba."

Duk da haka ya karɓa. Da ya kai gida Mansura ta ga kayan, ta roƙe shi don girman Allah da darajar 'ya'yansa ya sa. Ya yi mata alkawari. Kuma in faɗi gaskiya, da niyyar cikawa ya fita.

Da sassafe suka isa Zauro. Tamba ya sa takalmi, ya sa safa, ya ɗaura takunkumi. Dikko yana zaune can nesa a gindin mangwaro tare da wasu manoma suna shan fura. Da ya hango shi sai ya tafa hannu ya rangaɗa guɗa irin ta mata.

"Jama'a, ku tashi ku gaida Hajiya! Na aika a kawo mini namiji, an kawo mini amarya da nikabi. Hajiya Tamba, ina kwana? Lallen ne ba ki so ya goge kika sa safa?"

Manoma suka fashe da dariya. Wani ya ce a kawo wa Hajiya tabarma. Wani ya tambaya ko nawa ne sadakinta.

Wasan taubasai ba a fushi da shi, kowa ya san haka. Da Tamba ya mayar masa da wata baƙar magana a kan tumbinsa, da an yi dariya an wuce. Amma kalmar nan ta Hajiya ta soke shi har ƙashi. Ya fizge takunkumin ya wurga cikin laka. Ya tuɓe safa, ya tuɓe takalmi. Ya tsiyaya magani a tanki, ya zura hannu har gwiwar hannu ya dama.

"Yawwa, namijin duniya!" in ji Dikko. "Yanzu na gane ka."

Dikko yana da dalilinsa na zuga. Mai takalmin roba a laka ba ya sauri, shi kuwa so yake a gama yau.

Tamba ya yi tankin farko, ya ƙi ba Sunusi. Ya yi na biyu. Hantsi ya yi, iska ta juya tana maido masa feshin a fuska. Murfin tankin yana yoyo, maganin yana bin bayansa har rigar ta jiƙe. Sunusi ya tare shi a kan kunya.

"Yaya, ba ni in karɓe ka. Ka huta. Idonka ya yi ja, kuma na ga kana tangaɗi."

Sunusi da tausayi ya yi maganar. Kuskurensa a gaban mutane ya yi ta. Daga gindin mangwaro Dikko ya ɗaga murya ya ce, "A taimaki Hajiya, ta gaji!"

Tamba ba ya iya dukan taubashinsa, kuma mai gona ne. Sai ya juya ya zabga wa Sunusi mari, har hularsa ta faɗa ruwa. Mutumin da ya ci masa fuska yana inuwa, wanda ya ji tausayinsa shi ya sha mari. Na sha ganin haka wajen maza.

Manoma suka miƙe. "Sunusi, rama! In kai namiji ne, rama!"

Sunusi ya dubi Tamba, ya dubi masu zuga. Ya tsamo hularsa ya matse ta, ya ce, "Allah shi isar mini." Ya tafi inda ya ajiye babur ɗinsa. Suka bi shi da ihu, wai ga Hajiya ta biyu.

Aikin mutum biyu ya koma kan mutum ɗaya, rana kuma ta take. Bakin famfo ya toshe, Tamba ya sa a baki ya hura. Ba a daɗe ba kansa ya fara sarawa. Gumi ya keto masa, yawu ya cika masa baki yana zuba, ganinsa ya dushe, ƙirjinsa ya riƙe. Ya san abin da ke faruwa. Ya dubi gindin mangwaro, ya ga ana kallonsa, ya ci gaba. Ya yi taku kaɗan ya kife cikin shinkafa.

Masu ihu suka rugo, amma da suka ji wari kowa ya tsaya nesa. Dikko ya toshe hanci da babbar riga yana cewa a kawo nono a ɗura masa. Sai ga Sunusi. Ashe bai tafi ba, yana zaune a kan babur yana jira, domin ya san abin da ya gani a idon Tamba. Ya ture ƙwaryar nonon.

"Mutumin da ba ya iya haɗiye yawunsa za ku ɗura wa nono? So kuke ya shaƙe?"

Ya sa safar da aka yar, ya cire masa tanki, ya yage rigar, ya kwarara masa ruwa. Ya jefa kwalbar maganin a leda. Aka ɗora Tamba a babur, Dikko ya riƙe shi ta baya, suka nufi asibiti a Birnin Kebbi.

Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Veronica ta karɓe su. Ta karanta kwalbar, ta buɗe idon Tamba ta ga ƙwayar ta ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Aka wanke shi da sabulu, likita ya sa aka yi ta yi masa allura har yawun ya tsaya, ƙirjin ya saki. Dikko, mai neman namijin duniya, yana ganin an soka allurar farko ya sulale ƙasa sumamme. Sai da aka yayyafa masa ruwa.

Ni na raka Mansura asibitin. A bakin ƙofa Sunusi ya ba mu labarin duk abin da ya faru. Mun tarar da Tamba kwance, an ɗaura masa wata roba mai ba da iska, ta rufe hanci da baki. Hawaye kuma suna bin kumatunsa. Veronica ta ce aikin dafin ne, haka yake sa ido zuba. Mansura ta tsaya a kansa, ta gode wa Allah, sannan ta ce a hankali, "Maigida, wanga nikabi ya hi wancan yi maka kyau."

Tamba ya kai hannu zai cire. Veronica ta buge hannun.

"Malam, a nan ba a jarumta. Ka taɓa shi, in ɗaure hannun."

Ya mayar da hannunsa ya kwanta lamo.

Ya tashi daga jinyar, amma bai tashi a banza ba. Likita ya hana shi kusantar magani har ranin ya wuce, hannunsa kuma ya daɗe yana rawa. Mansura ce ta riƙe gidan da turara shinkafa tana sayarwa. Namijin duniya ya ci tuwon matarsa wata da watanni, kuma bai shaƙe shi ba.

Da ya samu ƙarfi ya taka har gidan Sunusi, ya durƙusa a gaban mutane ya nemi gafara. A wurin ne wani mai feshi ya ce shi ma bara ya kwana biyu yana amai, ya ɓoye. Wani ya ce shi har yanzu yatsunsa ba ya jin su sosai. Sai ga shi kowa yana da nasa. Shekara da shekaru suna zama tabarma ɗaya, kowa yana tsoron na kusa da shi, na kusa da shi kuma yana tsoronsa.

Da damina Tamba ya koma aiki da takunkumi da safa da takalmi. Dikko bai fasa ba, domin taubashi ba ya tuba. Ya hango shi ya ce, "Hajiya, an fito?"

Tamba ya amsa ta cikin takunkumi, "An hito, Alhaji. Yi nesa, akwai allura a aljihuna."

Aka yi dariya, Dikko ya fi kowa. Sunan Hajiya ya bi Tamba har yau, yana kuma amsawa.

To, maza, ku saurara, da ku nake. Wanda yake zuga ka yana inuwa, kai kake cikin rana. Dariyar majalisa ba ta kashe mutum, dafi yana kashewa. Jikin nan amana ce Allah ya ba ka, akwai masu jiran ka a gida, ba ka da ikon zubar da shi don wani ya tafa maka. Hannun da ka ɗaga don kare sunanka, sau da yawa kan mai ƙaunarka yake sauka. A ranar nan namiji ɗaya ne a fadamar Zauro, shi ne wanda aka mara ya ƙi ramawa, ya kuma ƙi tafiya. Ku kuma iyaye, in yaro ya taka ƙaya, ku bar shi ya yi kukansa, ku cire masa ƙayar.