Rabin Maganar Malam

Akwai wani saurayi da abokansa ke kira Almakashi, saboda aikinsa gyaran bidiyo ne. Shi ke ɗaukar karatun wani Malami a unguwarsu, ya tace, ya ɗora a shafin Malamin na intanet. Yana da budurwa, 'yar wani kafinta, an kusa sa musu rana. Takan zauna gefensa a shago tana duba masa rubutun da yake sawa a ƙasan bidiyo, don ta fi shi karatu. Shi kuwa da gangan yake barin kuskure don ta daɗe.

Wata rana Malam ya yi karatu kan kama hannu da sakinsa a sallah. Shi mai kamawa ne, amma ya kawo hujjar kowane ɓangare yadda masu ita suke faɗarta, bai ambaci sunan wata ƙungiya ba. A tsakiya ya ce: "Wasu suna cewa, mai sakin hannu ba shi da sallah. Wannan magana kuskure ce. Duka biyun sallarsu ta yi."

Da za a tashi ya ce wa Almakashi, "Ka ɗora shi cikakke. Taken bidiyon ya zama sunan mas'alar kawai. Kafin ka saki, ka nuna wa wani mai sakin hannu, ya ce ko mun faɗi hujjarsu daidai. Sannan ka tsare wurin sharhi: tambaya ta zauna, zagi ka goge, ko da namu ne ya rubuta."

Almakashi ya yi hakan. Baban yarinyar, wanda sakin hannu yake yi tun tasowarsa, shi aka nuna wa. Ya kalla a tsaye, da garin katako a gemunsa, ya ce, "Malam ya yi mana adalci. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Sai dai bidiyon bai samu masu kallo ba. Abokai suka fara tsiya: "Almakashi, kai da budurwarka ne kaɗai kuka kalla, ko ita ma barci ta yi?"

Abin ya ci shi. Ya yanko guntu daga tsakiya, ya cire "wasu suna cewa", ya cire abin da ya biyo baya. Ya rage Malam yana ɗaga yatsa yana cewa, "Mai sakin hannu ba shi da sallah." Ya sa take da jan rubutu: MALAM YA FASA ƘWAI.

Yarinyar ta gani a kwamfutarsa, ta ce, "Ai ba haka ya ce ba."

"Ƙugiya ce kawai. In sun ga wannan za su nemi cikakken."

"Wa zai nema? Kai kanka kana nema? Don Allah goge. Babana fa aka cire wa sallah a nan."

Ya yi dariya. "Ke karatu kika sani, ni na san waya."

Ya ɗora.

Mutane suka zo kam. Wasu na murna, wasu na zagi, har aka koma zagin iyaye da malaman da suka rasu. Almakashi ya bar sharhin a buɗe, don kowane zagi ƙara yaɗa bidiyon yake. Wani ya yi raddi, aka yi raddin raddi. A masallacin da aka daɗe ana haɗa kafaɗa, aka fara leƙen hannun na kusa.

Da Malam ya ji, ya sa aka goge, ya yi sabon bidiyo yana bayani da ba da haƙuri, aka maƙala cikakken karatun a sama. Amma guntun ya riga ya shiga wayoyi, ana ta turawa. Bayanin bai kai inda ƙaryar ta kai ba. Malam ya karɓe shafinsa, ya daina karatu a gaban kyamara.

Almakashi ya je wajen kafinta, ya durƙusa. Dattijon bai daina goge katako ba. Ya ce, "Ni na kalli cikakken, na san abin da Malam ya ce. Amma ƙanina da muke ciki ɗaya ya daina bin sahun da nake ciki. Je ka nuna masa cikakken, in zai kalla."

Ita ma ta fito, idanunta sun kumbura. Almakashi ya ce mata, "Kuskure ne."

Ta ce, "Kuskure shi ne wanda kake bar mini in gyara. Wannan na nuna maka, ka yi dariya. Gobe in na yi maka magana mai tsawo, wane rabi za ka kai wa mutane?"

Ta koma ciki.

Har yanzu Almakashi yana shagon, kujerar gefensa ba kowa. Lokaci-lokaci wani da bai san shi ne ya yanka ba yakan turo masa guntun, ya rubuta: "Ka ga abin da Malamin nan ya ce?"

Darasi: Mas'alar da malamai suka saɓa a kanta amana ce a hannun mai ɗora ta. Kawo maganar cikakkiya, faɗi hujjar kowa yadda zai yarda tasa ce, kada take ya fi maganar zafi. Abin da ka yanke ka saki ba ya dawowa, ko ka goge. Ku tura wa duk mai riƙe da shafi, kafin hannunsa ya kai ga almakashi.