Rijiyar Tsamiya da Amsar Jatau

A wani zamani da ya shuɗe, a wata masarauta ta bakin sahara, an yi wani bafade mai suna Jatau, mutum mai son kwalliya da zaƙin baki, wanda ke alfaharin cewa shekara ashirin yana fada ba a taɓa jin ya ce bai sani ba. Wata safiya ya shigo yana kukan cewa tun da aka kafa duniya ba a yi wa ɗan Adam zaluncin da aka yi masa ba. Da aka bincika, sai aka tarar buzunsa ne aka ja baya taku ɗaya, don a shimfiɗa wa wani baƙo tabarma.

"Taku ɗaya, Waziri!" in ji shi. "Gara a ce an kore ni daga garin, in san na yi hijira."

Waziri ya ce, "Zauna, Jatau. Yau ba ranar wasanka ba ce."

Lalle kuwa ba ranar wasa ba ce. Damina ta ƙi a shekarar, tafkuna sun ƙafe, shanun gari suna faɗuwa kullum. Sarki ya yanke a kora su kudu, bakin kogi. Hanya biyu ce. Doguwar kwana goma sha biyu, da ƙauyuka masu rijiyoyi, amma raunanan shanu ba za su kai ba. Gajeriyar kwana shida cikin daji, ba ruwa sai a wuri ɗaya, Rijiyar Tsamiya, a tsakiyar tafiya. Baƙon da aka kira, tsohon madugu ne mai suna Arzika, wanda ya tsufa a kan hanyoyin nan.

Sarki ya ce, "Madugu, akwai ruwa a Rijiyar Tsamiya?"

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Abin da idona ya gani, shekara uku ke nan, na shayar da raƙumi tamanin a cikinta. Amma bara wani mai gishiri ya ce mini ambaliya ta rusa bakinta, yashi ya cike ta. Wani makiyayi kuma ya ce ya sha ruwanta. Na tambaye shi kafin ambaliyar ne ko bayanta, ya kasa tunawa, don haka maganarsa ba ta kore ta mai gishiri ba. In an matsa mini, zuciyata ta fi karkata ga cewa ta rushe, amma wannan zato ne, kada a ɗauke shi a matsayin sani. A tura mai raƙumi, kwana huɗu ya je ya dawo."

Sarki ya ce, "Kwana huɗu, shanu nawa za su mutu?"

"Da yawa, ranka ya daɗe. Ban ce jira ba shi da hasara ba."

Jatau ya ga dama ta samu. Ya gyara rawani ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ashe don a zo a ce mana ba a sani ba aka ja mini buzu? Ai wannan ko jakina zai iya faɗa, kuma ba sai an ba shi tabarma ba." Fadawa suka yi dariya. "Akwai ruwa. Rijiyar nan tun kakanni ba ta taɓa ƙafewa ba."

Waziri ya ce, "Yaushe rabonka da ita?"

"Waziri, yaushe rabonka da ganin ƙeyarka? Ka taɓa shakkar tana nan?"

Aka sake dariya, tambayar ta bi iska. Gaskiyar magana, rabon Jatau da rijiyar shekara tara. Kuma mai gishirin nan a zaurensa ya sauka, da kunnensa ya ji labarin rushewar. Ya tuna, ya ce wa ransa ai matafiya ba su rabuwa da ƙarin gishiri, ya ja bakinsa.

Sarki ya gaji da jin kukan makiyaya, yana son amsar da za ta sallame shi, sai ya ba da umarnin a bi gajeriyar hanya. Wanda zai ja tafiyar shi ne Sarkin Shanu, Nomau, wan Jatau uwa ɗaya uba ɗaya. Arzika ya roƙa a ƙara salkunan ruwa kamar ba za a sami rijiyar ba, aka ƙara kaɗan, don jakunan ma sun rame. Da za su tashi, Nomau ya ja ƙaninsa gefe.

"Kai, ɗan autan Inna, na san halinka. Ka tabbata?"

"Haba Yaya, ni ne fa."

Nomau ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To, shi ke nan."

Bayan kwana bakwai mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, leɓuna a tsage. Sun sami tsamiyar, sun sami rami cike da yashi. Sun haƙa yini guda ba su kai ga laima ba. Kashi biyu cikin uku na shanun sun halaka, da mutum biyar. Nomau ya ba matasan makiyaya rabonsa na ruwa, a hanyar dawowa ya kwanta bai tashi ba. Sandarsa kawai aka kawo wa Jatau.

Bayan sadakar uku Sarki ya tara fada. Jatau ya zo da dabararsa a shirye, zai ce ƙaddara ce, rijiya ta rushe bayan ya yi magana. Amma Waziri bai tuhume shi da komai ba. Ya dai ce, "Sauran shanun za su bi doguwar hanya. A kwana na tara akwai rijiyar ƙauyen Kanya. Jatau, kai ne mai amsa. Akwai ruwa a cikinta?"

Jatau ya buɗe baki, amsar ta zo masa kamar yadda ta saba. Sai ya dubi makiyayan da suka rage, zaune a bakin ƙofa suna jiran abin da zai ce.

"Ban sani ba," in ji shi. Muryar ba ta fita sosai ba, ya maimaita. "Ban sani ba. Na sha ruwanta shekara shida da suka wuce, ban ji komai a kanta ba tun daga nan, kuma bana fari ake yi. A aika a gani." Ya sunkuyar da kai. "Ta Tsamiya kuwa, na ji ta rushe tun bara. A zaurena aka faɗa. Na ɓoye."

Sai Sarki ya yi hukunci. Daga ranar, duk wanda zai ba da labari a gabansa sai ya faɗi ko gani ya yi ko ji, da kuma yaushe, kuma ba a yi wa kowa dariya don ya ce bai sani ba. Jatau zai tuɓe rawani, ya hau raƙumi ya riƙa wucewa gaban shanu da tafiyar yini biyu, yana leƙa kowace rijiya da idonsa, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Gonarsa kuma ta koma hannun iyalan mamatan.

Sannan Sarki ya ce, "Ni ma ina da kaso a laifin nan. An faɗa mini gaskiya, na zaɓi mai daɗin ji."

Jatau ya yi ƙoƙarin murmushi irin na da, bai yiwu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko wannan ma sai an raba da ni? A bar mini abina. Kai daga bakin Madugu ka ji, ni daga bakin mai gishirin na ji. Yaya ya tambaye ni mu biyu kaɗai, ba fada, ba mai yi mini dariya, da na ce masa ban tabbata ba da ya tsaya. Ni na tura shi."