Taurari Uku na Yarinya Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A wani gari an yi Malam Tanimu da matarsa Kande, masu riƙon addini. 'Yarsu ta fari ta isa aure. Ita da Sallau marini suna son juna. Amma Kande tana tsoron kada auren ya mutu, sai ta saci jiki ta je wurin Dila mai duba taurari, da kaza a hannu.

Dila ya ce, "Faɗi sunan saurayi da na uwarsa, sunan yarinya da naki."

To, a da, uwa ba ta kama sunan 'yar fari, don kunya. Kande ta ce, "Muna ce mata Ladi."

Dila ya baje rairayi. Ya ba kowane harafi adadinsa, ya haɗa, ya yi ta zubar da sha biyu-sha biyu. Abin da ya rage shi ne buruji, wato gidan tauraron mutum.

"Kash! Tauraronta na wuta, nasa na ruwa. Ba za su zauna ba."

Kande ta koma gida ta ce a dakatar da maganar aure. Yarinya ta daina cin tuwo.

Kande ta sake kama kaza ta koma wurin Dila. "Malam, kakarta kuma Uwani take ce mata."

Dila ya zana, ya share. "Ƙasa ce! Ƙasa da ruwa, sai albarka."

Kande ta rikice. Ta kai kaza ta uku. "Ƙawayenta kuma Baturiya suke kiranta."

"Iska! Iska da ruwa, guguwa ke nan. Baiwar Allah, wai mene ne sunanta na yanka?"

Kande ta rufe fuska da mayafi ta ruga.

Malam Tanimu ya ga akurki ya yi shiru, ya tambaya. Ta zayyana masa komai. Ya yi dariya har da hawaye.

"Kande, 'ya ɗaya muka haifa, kin samo mata taurari uku! Gaibu sai Allah. Kin san mai zuwa wurin duba, kwana arba'in ba a karɓar sallarsa?"

Kande ta ce, "Na tuba. To, wa zan tambaya?"

"Addininsa da halinsa aka ce a duba. Waɗannan ba a rairayi suke ba."

Suka tambayi liman, ya ce Sallau ba ya fashin jam'i. Suka tambayi 'yan karofi, abokan rininsa, suka ce bai taɓa musanya zanen kowa ba. Suka yi raka'a biyu da addu'ar istihara, zukatansu suka natsu. Sannan suka kira yarinya.

"Kin yarda?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Aka ɗaura aure. Sun yi faɗa, sun shirya, kamar kowa, har suka tsufa tare. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Ku riƙe wannan: in za a ba mutum 'ya, a tambayi waɗanda suka zauna da shi, a roƙi zaɓin Allah, a ji ta bakin yarinya.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya ishe ku, ku tashi haka nan.