Nomau da Tulun Irin Kakarsa

Ku matso, ku gyara zama. Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, Iya, mu ji ta.

A can wani zamani an yi wani ƙauye a gindin wata babbar kanya, bakin tafki. Ba wanda ya gaji wurin. Kowa zuwa ya yi.

Tsaunawa ne suka fara sauka. Maƙera ne daga kan duwatsu, ƙasar noma ta yi musu kaɗan. Zanen fuskarsu uku uku ne a kumatu, a miƙe. Bayansu sai Gulbawa, masunta, da ambaliya ta cinye musu gari. Nasu zanen biyu ne, a lanƙwashe kamar gashin bakin tarwaɗa. Daga ƙarshe Tudawa, manoman gero, fari ya koro su. Su ɗigo ɗaya suke yi a goshi.

Kowa ya kafa unguwarsa, ya ce da an ga sauƙi zai koma gida. To amma tafki ɗaya ne. Wurin ɗibar ruwa saurayi ya ga budurwa, ya tambayi sunanta da hannu. Aka yi aure, aka sake yi, har aka daina mamaki. Yara suka tashi suna ɗaukar kalmar ƙira a bakin uba, ta miya a bakin uwa, ta zagi a dandali, har suka haɗa wata magana tasu. Wanzami kuwa ɗaya ne a garin, Bagulbe, hannunsa ya saba da lanƙwasa. Ko zanen wa aka ce ya yi, sai ya karkace masa.

Duk da haka, in ka tambayi mutum ko shi wane ne, sai ya faɗi asalin kakan kakansa na wajen uba, ya nuna maka wata hanya da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

A garin akwai wani magidanci, sunansa Nomau. Kakansa na wajen uba Batsaune ne, matar kakan Bagulba, marigayiya uwarsa kuma Batuda. Mutum ne mai son sanin tushen abu. Ko tururuwa ya gani da kaya, sai ya bi ta ya ga raminta.

Wata shekara fara ta sauko ana gab da girbi, ta share gonaki tas. Aka ci kifi da ɗanyun ’ya’yan kanya aka fitar da rani. Da bazara ta kawo kai, gajimare ya fara haɗuwa, sai aka duba, ba irin shuka a ko’ina. Sai fa a ɗakin Gwamma, kakar Nomau ta wajen uwa, akwai ƙaton tulu cike da irin gero, an liƙe bakinsa da laka.

A wancan zamani ba a sayar da iri, ba a kuma ba bare. Ɗan dangi kaɗai ake ɗibar wa. Gwamma ita ce ta ƙarshe mai kiran kanta Batuda, don ’ya’ya mata kawai ’yan’uwanta suka haifa, matan kuma duk sun auri Tsaunawa da Gulbawa.

Nomau ya je ya durƙusa mata. Ta ce, “Maigidana, kai jikana ne, amma ɗa na ubansa ne, kai Batsaune ne. Ubana ya rantsar da ni kada in ba bare irin nan. Ka je wurin danginka ka roƙa. In ba su ba ka ba, ka kawo mini Batude ko ɗaya, in damƙa masa tulun, shi ya san yadda zai yi da shi.”

Ta faɗa tana share ido da bakin zane.

Nomau ya rataya gora ya kama hanya. Bai yi nisa ba sai Hankaka ya sauka a kafaɗarsa. Hankaka kuwa ba kasuwar da ba ya ci, ba gulmar da ba ta kunnensa.

Ya ce, “Ina zuwa, mai karkataccen zane?”

Nomau ya ce, “Gida.”

Hankaka ya ce, “Ai gida ka baro. Amma mu je. In an ba ka iri, ƙwarya ɗaya tawa ce, ni kuma in koya maka dabara.”

Nomau yana tafe yana waƙa. Ku ne Hankaka, ku amsa mini.

Ɗan wa ne ni, hanya?

Tambayi gaba, Nomau, tambayi gaba.

Suka hau tsauni. Hankaka ya ce ya gaishe su da gaisuwar da kakansa ke yi, ya kuma ɓoye busasshen kifin da ke aljihunsa, don Tsaunawa ba sa cin kifi. Nomau ya iske dattawa a maƙera, ya rangaɗa gaisuwa. Suka tuntsire da dariya. Wani tsoho ya ce rabon da ya ji wannan gaisuwa tun kakarsa na da rai. Ashe su da suka zauna maganarsu ta yi gaba, su da suka tafi suka riƙe tsohuwar a baki. Tsohon ya juya fuskar Nomau, ya ga zane uku amma a lanƙwashe. Ya shinshina rigarsa.

Ya ce, “Mun ji labarin wani maƙeri da ya sauka ƙasa bai dawo ba. Amma kai ba namu ba ne. Kai Bakanye ne, cikin masu cin kifin nan na gindin kanya. Sha ruwa ka huta, iri kam babu.”

Nomau bai taɓa jin wannan suna ba. Ya tambayi Hankaka, shi kuwa ya ce ai duk kasuwanni haka ake kiransu, su kaɗai ne ba su sani ba.

Ɗan wa ne ni, hanya?

Tambayi gaba, Nomau, tambayi gaba.

Suka gangara gulbi. Hankaka ya ce wannan karon a gyara fuska. Ya ɗauko gawayi da baki, ya shafe zane ɗaya, ya ja sauran biyun har kunne. Gulbawa suka karɓi Nomau da murna, suka ce ɗan’uwa ya dawo. Amma al’adarsu, baƙo ba ya shiga gari sai ya wanke fuska a bakin ruwa, ya tuƙa kansa a kwalekwale ya haye. Ya wanke fuska, gulbi ya tafi da gawayi. Ya shiga kwalekwale, kwalekwale ya yi ta juyi da shi wuri ɗaya kamar ƙwarya a randa.

Sarkin ruwa ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, “Kakarka tamu ce, ba mu musa ba. Amma mace in ta tafi, ’ya’yanta na inda ta je ne. Kai Bakanye ne. Daga jin yadda kake haɗiye ƙarshen magana na gane.”

Nomau ya harari Hankaka. Hankaka ya ce, “Ni fuska na gyara, ban ce na gyara hannu ba.”

Ɗan wa ne ni, hanya?

Tambayi gaba, Nomau, tambayi gaba.

Suka nufi tudu, ƙasar su Gwamma. A nan ba a buƙaci dabara ba, don ba wanda za a yi wa. Inda ƙauyen yake dā, sai suka tarar da babban gari mai ganuwa da kasuwa, fatake sun kafa shi. Nomau ya bi layi yana tambayar Tudawa. Wani ya ce bai taɓa ji ba. Wata ta ce ko wani irin wake ne. Sai wani maɗinki mai furfura ya ajiye allura, ya ce kakansa yana da ɗigo a goshi. Ya ce da garin ya bunƙasa, Tudawan da suka rage sun koyi harshen kasuwa, sun auri ’ya’yan fatake, sun daina yi wa yara ɗigo don ana yi musu dariyar ƙauyanci.

Nomau ya ce, “To kai Batude ne? Zo mu tafi, akwai tulu yana jiranka.”

Maɗinki ya ce, “Ni ɗan birni ne, haka ubana. Ba a kashe Tudawa ba, ɗana, ga jikokinsu nan cike da kasuwa. Sunan ne kawai ba mai amsa shi. Ka gai da Kanyawa.”

A hanyar dawowa aka yi yayyafin farko. Nomau ya ji ƙamshin ƙasa, ya ƙara sauri, don in aka yi ruwa uku ba a yi shuka ba, shekara ta tafi.

Ya isa, gari ya taru a gindin kanya, aka fito da Gwamma a kan tabarma. Ya ba da labari tiryan-tiryan, bai ɓoye ko gawayin ba. Wani Batsaune ya fusata, ya ce shi ba Bakanye ba ne. Nomau ya ce ya dubi fuskar maƙwabcinsa Bagulbe, ya faɗi wanda zanensa bai lanƙwashe ba a cikinsu. Mutumin ya duba, ya sake dubawa, ya koma ya zauna.

Gwamma ta kira Hankaka, ta ce, “Kai uban gulma, ni me suke ce mini a kasuwa?”

Hankaka ya ce, “Tsohuwar Kanyawa mai rowar tulu.”

Ta yi dariya, ba ta so ba. Ta ce, “Ranar da ubana ya rantsar da ni, na tambaye shi wane ne bare. Ya ce bare shi ne wanda in ka mutu ba zai ajiye aikinsa ba. To ranar da ya mutu, maƙera suka kashe wuta suka haƙa kabari, masunta suka bar komar kamun kifi suka kawo tabarma. Ni ce na yi ta kallon hanyar tudu, ina jiran dangi, alhali suna tsaye a kaina. Nomau, ɗauko tulun. Bakanya ce za ta ba Kanyawa iri.”

Aka fasa lakar, kowane gida ya samu tafi uku. Hankaka ya ce ina ƙwaryarsa. Gwamma ta ce ya yi haƙuri har kaka, tun da dabarunsa biyu ba wadda ta kawo ko ƙwaya. Shi ya sa har yau ba ya barin gonar kowa ta huta.

Gero ya yi kyau a shekarar. Ranar sunan ɗiyar Nomau, wanzami ya tambaya zanen wa za a yi. Nomau ya ce na gida: uku a lanƙwashe, da ɗigo a goshi don Gwamma. Daga nan kowa ya bi. Unguwannin kuwa suka zama abokan wasa. Wannan ya ce wa wancan mai warin kifi, wancan ya ce masa mai baƙin hannu, ba mai fushi.

To kun ji yadda aka yi Kanyawa. Dangi kamar gulbi ne, ƙoramu ne ke haɗuwa su yi shi, wani kuma ya shige cikin wani a manta sunansa, ruwan bai ɓata ba.

In an raira muku waƙar yanzu, me za ku amsa? Ɗan wa ne ni, hanya?

Tambayi gida, Nomau, tambayi gida.

Madalla. Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya shige tulun Gwamma.