Rimot a Hannun Kaka

Akwai wani tsohon hedimasta, mutum mai baki kamar reza, wanda autarsa da ke karatu a ƙasar waje ta aiko masa da talabijin mai aiki da intanet.

Jikarsa ce ta ɗauki nauyin koya masa. Yarinyar tana da in'ina, shi kuwa bai taɓa barin ta manta ba.

Ita ta shiga saitin ta zaɓo wayifai ɗin gidan, ta riƙa bin haruffan kalmar sirri da kibiyoyin rimot ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna masa maɓalli mai hoton gida, wanda ke dawo da mutum farko idan ya ɓace, da mai hoton makirfo.

"Ka da-danne shi, Kaka, sai ka faɗi abin da ka-kake nema."

Ta gwada, talabijin ta kawo wani abu daban. Tsoho ya yi dariya har da tari.

"To, ko inji ya gaji da ke!"

Ta haɗiye maganar, ta ci gaba. Sati uku tana zuwa. Sau biyu ta fara yi masa bayanin ƙaramar na'urar da ke bayan kujera, mai koren haske, yana katse ta: "Kafin ki gama na tsufa."

Ranar da za a haska bikin yaye autarsa kai tsaye, ya tara tsofaffin abokan aikinsa a falo. Jikar ta buɗe masa shafin, shi kuma ya ce a gabansu, "Koma gidanku, kar a tambaye ki wani abu mu wuni a nan."

Ta sa takalmanta ta fita.

Zafi ya dami baƙi, sai ya zare wata waya daga soket ɗin bayan kujera ya jona fanka. Ba a jima ba hoto ya tsaya cak, wani zobe yana ta juyawa.

Ya danne makirfo yana tsawa, amma shi ma sai da intanet yake ji. Ya latsa wannan ya latsa wancan, har allon ya koma baƙi. Wani ya ce, "Hedimasta, yau kai ne na ƙarshe a aji." Aka tuntsure da dariya, aka watse.

Da ya kira ta, ta dawo. Ta mayar da wayar na'urar da ke ba gidan intanet, ta jira koren hasken ya tsaya, ta sake buɗe shafin, ta ja bidiyon baya zuwa inda aka kira sunan gwaggonta.

"Zauna mana," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba na ji-jirana a waje."

Shi kaɗai ya kalli 'yarsa tana karɓar takarda, tsakanin kujeru tara da babu kowa a kansu.

Darasi: Kada ka wulaƙanta wanda ke koya maka da haƙuri. Maganar da ka katse da izgili wataƙila ita ce za ka fi buƙata. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.