Ido Ɗaya na Baba Tsoho

Akwai wani yaro, Habila, wanda ƙaya ta tsone masa idon hagu tun yana ƙarami, idon ya yi fari. Kakansa Baba Tsoho kuwa mai zane ne. Yakan zauna gindin mangwaro da littafi a cinya, ya miƙo fensir wajen yaron, ya rufe ido ɗaya. Da ganin haka sai gaban Habila ya faɗi, ya ruga bayan rumbu. A ransa yakan ce, "Har Baba Tsoho ma kwaikwayona yake yi!" Bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da tsohon ya rasu, kakar Habila ta sa shi ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafan zane ne cike, na sama ɗauke da sunansa. Tsoro ya kama shi, kada ya buɗe ya ga an mai da shi dodo.

Ya buɗe na ƙasa tukuna. Ga tsohuwar akuyarsu, an fara ta da siraran layuka, sannan aka bi na daidai aka ƙara musu baƙi. Ga hannun wani maƙeri, an murza inuwarsa da yatsa. A gefen kowane shafi akwai 'yan gajerun layuka jere.

"Kaka, waɗannan fa?"

"Awo ne, maigidana. Yakan miƙe hannu, ya sa babban yatsa a jikin fensir ya auna tsawon kai, ya ga sau nawa zai shiga jiki. Dole ya rufe ido ɗaya, in ba haka ba fensirin biyu zai gani. Gwada mana, sarkin tsoro."

Ya gwada, fensirin ya tsaya guda ɗaya tak. Ta yi dariya ta ce, "Kai ka huta, ba sai ka rufe komai ba."

Sai ya buɗe nasa littafin. Shafi bayan shafi bayansa ne kawai, yana gudu. A na ƙarshe ne ya ga fuskarsa. Tsohon bai ɓoye idon ba. Nan ne ma ya goge ya sake har takardar ta kusa hujewa, kuma a idanun biyu ya bar ɗigon farar takarda, inda haske ke sauka. A ƙasa ya rubuta, "Yau ya tsaya kaɗan." Habila ya fashe da kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, kakan nan yana nuna mana Ubangiji. Mu ma da mun ji idonsa a kanmu sai mu ruga, muna zaton aibinmu yake nunawa. Kai, yara, ba haka ba ne! Yana ganin tabon sarai, amma da ƙauna yake dubanmu, kuma inda muka fi jin kunya nan ya fi daɗewa yana aiki. Habila bai gane ba sai da aka binne tsohon. Naku Uban yana da rai. In ya dube ku yau, ku tsaya.