Tafin Ruwa Uku na Jatau

A zamanin da, a wata ƙasa da fari ya ci shekara biyu, azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Sarki ya ga mutane sun fara sakaci, sai ya sa aka yi shela: duk wanda aka kama ya sha azumi, bulala ce da kora daga gari.

Ran sha ɗaya ga wata, Waziri Gwadabe ya gurfanar da Jatau mahaƙin rijiya. Rijiyoyin gari duk sun ƙafe, saura ɗaya da Jatau ke yashewa, gaba ashirin a ƙasa. Masu jan ƙasa sun hango shi jiya da azahar yana kurɓar ruwa. Jatau bai musa ba. Kuka kawai yake, wallahi abin tausayi, ga iyali bakwai ba inda za su nufa.

Waziri ya ce doka doka ce, in an ɗaga wa ɗaya, gobe gari duka ƙishirwa gare shi. Maganarsa ba ƙarya ba ce, shi ya sa Sarki ya dubi Alƙali Ɗalhatu.

Tsohon nan ba ya gaggawa ko gobara ake. Ya tambayi Jatau ko ya kwana da niyyar azumi, ya ce ya kwana. Ko aikin na jiran bayan Salla? Kowa ya san ba ya jira, yara na suma. Ko zai yiwu da dare? Jatau ya ce fitila mutuwa take a can ƙasa. To, yaushe ya sha? Ya ce sai da idonsa ya rufe, igiya ta kuɓuce masa, sannan ya sha tafi uku na ruwan da ya ɓullo.

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙa'idar malamai ita ce tsanani yana jawo sauƙi. Ba kowace gajiya ba, don azumi dama da wuya. Tsananin da ake tsoron halaka ake nufi. Nan shan ruwa wajibi ne. Ramuwar yini ɗaya ce a kansa, babu kaffara, balle bulala."

Waziri ya ce da gatse, to a yafe wa mahaƙa watan duka mana. Alƙali ya ce a'a, larura gwargwadonta ake auna ta. Kullum su kwana da niyya, wanda ya kai inda Jatau ya kai, shi kaɗai zai sha, ran nan kaɗai.

Sarki dai na jin nauyin warware shelarsa. Sai Alƙali ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya da wane ruwa aka yi buɗe-baki a fada?"

Ba wanda bai san daga rijiyar Jatau aka ɗebo shi ba. Kunya ta rufe Sarki. Ya sa a gyara shela, ya sallami Jatau.

Jatau ya share hawaye, ya roƙi a miƙo masa igiyarsa. Ya ce saura gaba ɗaya idon ruwan ya buɗe sosai, kuma yau ma da azumi a bakinsa.